Bayani a kan ƙabulin juna tsakanin taurari biyu, da yadda yake sassauta mummunan kallo

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, matanin da muke yi wa sharhi ya ratsa mas'alar ƙabuli a gurguje, kamar yadda malaman da suka saba taƙaita abin da suka san ɗalibi zai ji a bakin malaminsa. Mun ga ya kamata mu tsaya a nan mu warware ta, domin wanda bai fahimce ta ba zai riƙa ganin kamar masu wannan fanni suna tufka da warwara: a wani wuri su ce tarbi'i da muƙabala kallon gaba ne, a wani wurin kuma su ce buƙata tana biya ta hanyarsu. Babu tufka da warwara a ciki. Abin da ya raba maganganun biyu shi ne ƙabuli.

Mafi yawan abin da aka sani na ilmin taurari a ƙasar Magarya da Dungas shi ne lissafin manzilolin Wata guda 28, wanda ake auna shigar damina da lokacin shuka da shi. Ƙabuli ba daga wannan reshe yake ba. Yana cikin reshen da ake kira ahkamun nujumi, wanda ya bunƙasa a Bagadaza a hannun irin su Masha'allahu, da Sahlu ɗan Bishru, da Abu Ma'ashar wanda ya rasu a shekara ta 886 Miladiyya. Masha'allahu ma littafi guda ya keɓe wa ƙabuli kaɗai. Malaman ƙasar Hausa ba baƙin fannin ba ne, domin Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1154 Hijiriyya, wato 1741, ya yi littafinsa Addurrul Manzumi a kan ɗalasimai da taurari.

Fasali na farko: gida da mai gida

Burujan sama goma sha biyu ne, kowane burji daraja 30, taurari masu tafiya kuwa bakwai ne a wurin magabata. Sai suka raba burujan a tsakaninsu a matsayin gidaje. Rana gidanta Asadu, Wata gidansa Saraɗanu. Sauran biyar kowanne gida biyu gare shi: Uɗaridu yana da Jauza'u da Sumbula, Zuhura, wadda Hausawa ke ce wa Zara matar Wata, tana da Sauru da Mizani, Mirriku yana da Hamalu da Aƙrabu, Mushtari yana da Ƙausu da Hutu, Zuhalu yana da Jadyu da Dalwu.

Tauraro ba ya zama a gidansa kullum, tafiya yake yi, yawancin kwanakinsa a gidan wani yake. Idan ya sauka a gidan wani, sa'an nan shi da mai gidan suka haɗu da kallo, sai a ce mai gida ya karɓe shi. Wannan shi ne ƙabuli. Ka riƙe wannan da kyau: mai gida shi ke karɓa, baƙo shi ake karɓa. Ɗalibai da yawa a nan suke birkita zance, su ba baƙo matsayin mai gida, hukunci ya fito a juye.

Ƙabulin juna kuwa shi ne kowanne daga cikin biyun ya kasance a gidan ɗan'uwansa a lokaci guda, kamar Uɗaridu a Ƙausu, Mushtari a Jauza'u. Kowanne baƙo ne, kowanne kuma mai gida ne. Misalinsa a duniya shi ne fatake biyu, ɗaya mutumin Magarya ɗaya mutumin Daura, kowanne ya je garin ɗayan ya sauka a gidansa, yana kwana a zaurensa, kayansa suna cikin rumbunsa. Ko da bashi ya haɗa su faɗa, ba wanda zai cinna wa gidan wani wuta, domin nasa gidan yana hannun abokin faɗan nasa.

Ana samun ƙabuli ta wasu hanyoyi ban da gida. Kowane tauraro yana da burjin sharafi, inda ake ɗaukaka shi kamar babban baƙo, kuma ƙabuli ta sharafi yana kusa da na gida wajen ƙarfi. Akwai kuma ƙananan rabo uku: musallasa, da haddi, da wajhi. Alƙabisi, wanda ya yi littafinsa na gabatarwa ga wannan sana'a a ƙarni na goma Miladiyya, ya jera nauyinsu haka: gida 5, sharafi 4, musallasa 3, haddi 2, wajhi 1. Ƙananan nan ɗaya kaɗai ba ya isa a kira shi cikakken ƙabuli. A wannan bayani gida kawai za mu bi, don kada zare ya sarƙe.

Fasali na biyu: kallo mai tsauri, da abin da ƙabuli yake yi masa

Kallo, wanda littattafai ke kira nazari, tazara ce ta musamman tsakanin taurari biyu. Tasdisi daraja 60 ne, taslisi 120, su ne kallon ƙauna. Tarbi'i daraja 90 ne, ana ce masa rabin gaba. Muƙabala 180 ce, ita ce cikakkiyar gaba, tauraro yana fitowa a gabas ɗayan yana faɗawa a yamma. Hukuncin asali shi ne, idan taurari biyu da suke wakiltar mai buƙata da abin buƙata suka haɗu ta kallon ƙauna, abu ya yiwu cikin sauƙi. Idan ta tarbi'i ne ko muƙabala, babu ƙabuli, to, ko dai abin ya wargaje, ko a same shi a yi da na sani.

Idan ƙabuli ya shigo, tazara ba ta canjawa. Daraja 90 tana nan daraja 90. Abin da yake canjawa shi ne niyyar ɓangarorin biyu. Masu fannin suna ganin kallo shi ke nuna irin hanyar da za a bi, ƙabuli kuma shi ke nuna ko akwai yarda a ƙarshenta. Saboda haka tarbi'i mai ƙabuli ma'anarsa a wurinsu buƙata za ta biya, amma da wahala, da jinkiri, da kai da kawowa. Muƙabala mai ƙabuli ta fi tsauri: za a yi sa-in-sa, a ja, kowa ya rage wani abu daga abin da yake nema, sa'an nan a daidaita.

Fifikon ƙabulin juna a kan na gefe ɗaya shi ne wannan. A na gefe ɗaya, mai gida ya yarda ya taimaki baƙo, amma baƙo ba shi da abin da ya ɗaure shi ga mai gida. Sauƙin yana gangarowa ta gefe guda ne kawai. A na juna kowa yana da abin da zai yi hasara in zance ya lalace. Shi ya sa suka ce ko mugun tauraro, wato Zuhalu ko Mirriku, yana janye sharrinsa daga wanda ya karɓa, domin mutum ba ya cutar baƙon da ya saukar a ɗakinsa.

Sharaɗi biyu ne a nan. Na farko, sai burujan biyu suna kallon juna. Zuhura a Hamalu da Mirriku a Sauru kowanne yana gidan ɗan'uwansa, amma burujan maƙwabta ne, maƙwabta kuwa ba sa ganin juna a wannan lissafi, kamar mutum biyu da katanga ta raba. Akwai alheri a tsakaninsu, amma babu saduwar da za ta kammala magana. Na biyu, sai mai saurin tafiya yana nufar mai nauyi, bai riga ya wuce shi ba. Nufa ita ce ittisali, wucewa ita ce insirafi; ittisali yana nuna abin da ke tafe, insirafi abin da ya riga ya auku. Kowane tauraro yana da iyakar haskensa gaba da baya: Rana daraja 15, Wata 12, Zuhalu da Mushtari 9, Mirriku 8, Zuhura da Uɗaridu 7. Idan tazarar da ta rage kafin kallo ya cika ta shiga cikin wannan iyaka, sai a fara lissafa shi.

Fasali na uku: abin da ƙabulin juna ba ya iyawa

A nan ne maganar take da daɗin dubawa. Idan ka ɗauki jerin gidaje ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar wurare shida ne kacal ƙabulin juna na gida yake haɗuwa da muƙabala: Rana a Dalwu da Zuhalu a Asadu, Wata a Jadyu da Zuhalu a Saraɗanu, Uɗaridu a Ƙausu da Mushtari a Jauza'u, Uɗaridu a Hutu da Mushtari a Sumbula, Zuhura a Hamalu da Mirriku a Mizani, Zuhura a Aƙrabu da Mirriku a Sauru.

Duba su da kyau. Burjin da yake fuskantar gidan tauraro ana kiransa wabalinsa, wato wurin da ya fi nisa da gida, inda ƙarfinsa yake raguwa. To, a dukkan shidan nan, kowane tauraro yana cikin wabalinsa. Ba haɗari ba ne, dole ce ta lissafi: in kana gidana ina gidanka, muna kuma fuskantar juna, to kowannenmu yana daura da gidansa ke nan. Saboda haka muƙabala mai ƙabulin juna kullum saduwar raunana biyu ce. Yarda tana nan, iko ne ya yi ƙaranci. Kamar fataken nan biyu ne, kowa yana son a sasanta, amma kowa yana nesa da dukiyarsa da mutanensa.

Tarbi'i ya fi faɗi. Wurare goma lissafi ya bayar, amma ɗaya ba ya aukuwa a sama, shi ne Rana a Sauru da Zuhura a Asadu, domin Zuhura ba ta nisantar Rana fiye da daraja 48. Sauran tara ba darajarsu ɗaya ba. Zuhura a Jadyu da Zuhalu a Mizani yana cikin mafi kyawu, domin Mizani sharafin Zuhalu ne, mai karɓa yana da abin hannu. Mirriku a Jadyu da Zuhalu a Hamalu kuwa ya karkata gefe guda: Mirriku yana cikin sharafinsa, Zuhalu yana cikin hubuɗinsa, wato burjin faɗuwarsa. Za a sasanta, amma mai ƙarfi shi zai yanka sharaɗi. Haka Wata a Hamalu da Mirriku a Saraɗanu, domin Saraɗanu hubuɗin Mirriku ne.

Daga nan za ka gane kuskuren masu cewa ƙabulin juna kamar kowane tauraro ya koma gidansa ne, har wasu na baya suna ɗauke taurarin a kan takarda su musanya musu wuri. Wani Bature masanin fannin mai suna William Lilly, a littafinsa na shekara ta 1647, ya ba ƙabulin juna na gida nauyi 5 daidai da zaman tauraro a gidansa, wannan ra'ayi kuma ya bazu. Amma wanda ya bi dalilin ƙa'idar zai ga baƙo yana nan baƙo. Masauki mai kyau ya samu, bai koma gida ba.

Fasali na huɗu: misali daga saman Magarya, ƙarshen shekara ta 2024

Don kada magana ta tsaya a takarda, ga wani ƙabulin juna da ya auku ba da daɗewa ba. Mushtari ya shiga Jauza'u a ƙarshen watan Mayu na 2024, ya zauna a ciki har watan Yuni na 2025. Uɗaridu ya shiga Ƙausu a farkon Nuwamba na 2024, kuma saboda ya yi ja da baya a cikin burjin, bai fita ba sai ranar 8 ga Janairu na 2025. Cikin wannan zama sun yi muƙabala sau uku: 18 ga Nuwamba, da 4 ga Disamba, da 26 ga Disamba. Taurari biyun ɗaya ne, burujan ɗaya ne, ƙabulin ɗaya ne, amma hukunci uku ne daban.

Mu ƙaddara mas'ala. Wani manomi a ƙasar Dungas ya ba wani ɗan kasuwa na Maigatari buhunan riɗi bashi bayan kaka, lokacin biya ya wuce, magana ta fara ɗaci. Ya zo yana tambaya ko za a daidaita. Hanyar masu fannin ita ce a duba burjin da yake fitowa a gabas a sa'ar tambaya, shi ne ɗali'i. Daga shi ake ƙirga ɗakuna goma sha biyu. Larabci yana kiran waɗannan da gidajen taurari da kalma ɗaya, amma mu za mu ce musu ɗakuna don kada su cakuɗe. Ɗaki na farko na mai tambaya ne, na bakwai na abokin hulɗarsa, na takwas na dukiyar abokin. Idan Jauza'u ne ɗali'i, mai tambaya shi ne Uɗaridu, na bakwai Ƙausu ne, ɗan kasuwa shi ne Mushtari. Na takwas Jadyu ne, dukiyar ɗan kasuwa tana hannun Zuhalu. Wata yana da nasa rabo a kowace tambaya, amma mun ajiye shi gefe don a ga aikin ƙabuli shi kaɗai.

Zama na farko, Asabar 16 ga Nuwamba, tsakiyar Jimada Awwal na 1446, tsakanin magariba da lisha. A wannan sa'a Jauza'u yana fitowa a gabashin Magarya. Uɗaridu yana kusan daraja 17 na Ƙausu, Mushtari kusan daraja 19 na Jauza'u, saura kamar daraja biyu kallo ya cika. Wanda ya fita bayan gari a daren nan zai iya ganin abin da idonsa: Uɗaridu ƙasa-ƙasa a yamma, ƙarƙashin Zara, yana shirin faɗawa, Mushtari kuma yana ɓullowa a gabas kusan lokaci guda. Uɗaridu yana tafiya gaba, yana nesa da Rana da fiye da daraja 22, hasken Rana bai rufe shi ba. Mushtari kuwa yana ja da baya tun 9 ga Oktoba, saboda haka kowanne yana nufar ɗan'uwansa. Hukunci a bisa ƙa'ida: za a hadu, za a yi musu, amma za a daidaita. Mai bashi yana tsaye da ƙafarsa, ɗan kasuwa yana son sulhu, sai dai ja da bayansa yana nuna zai nemi a sake duba maganar farko, ko farashi ko wa'adi. Tun da duka biyun suna cikin wabali, ba wanda zai sami duk abin da yake so.

Zama na biyu, Talata 3 ga Disamba, daf da faɗuwar rana. Jauza'u ne ɗali'i har wa yau. Amma Uɗaridu ya juya da baya tun wajen 26 ga Nuwamba, yanzu yana tsakanin daraja 17 da 18 na Ƙausu, Rana tana daraja 12 a burjin, tazararsu ba ta kai daraja shida ba. Wannan shi ake kira ihtiraƙi, wato ƙuna, kuma masu fannin suna ƙirga shi cikin mafi munin raunin tauraro. Babu mai iya ganin Uɗaridu a sama a waɗannan kwanaki. Mushtari yana kusan daraja 17 na Jauza'u, shi ma yana baya. Ƙabulin juna yana nan bai gusa ba, ittisali ma yana nan. Amma wanda aka karɓa ƙonanne ne, mai ja da baya, a cikin wabali. Hukunci: ba za a kai ga ƙiyayya ba, wannan shi ne abin da ƙabuli ya tsare, amma ba za a ƙulla abin da zai ɗore ba. Mai bashi bai ga al'amarinsa sosai ba, ko tsoro ya kama shi, ko akwai abin da aka ɓoye masa, kuma duk alkawarin da aka yi ana iya warware shi. A nan ne iyakar ƙabuli take bayyana: yana hana ɓarna, ba ya ba mai rauni ƙarfi.

Zama na uku, Alhamis 26 ga Disamba, ranar kasuwar Maigatari, bayan la'asar, misalin ƙarfe huɗu da rabi. Uɗaridu ya miƙe tun 15 ga wata, ya fita daga ƙuna, ya koma fitowa da asuba, yana nesa da Rana da kusan daraja 22. Yana tsakanin daraja 13 da 14 na Ƙausu, Mushtari yana dab da daraja 14 na Jauza'u, abin da ya rage bai kai daraja ɗaya ba. Kusancin yana nuna magana ta zo ƙarshe, ba za ta daɗe ba. Amma ga Zuhalu a daraja 14 na Hutu, yana yi wa duka biyun tarbi'i. Da Uɗaridu ya gama da Mushtari, washegari sai ya faɗa tarbi'in Zuhalu. A nan sai a tambaya: wa ya karɓi wa? Hutu gidan Mushtari ne, saboda haka Mushtari ya karɓi Zuhalu. Tsakanin Uɗaridu da Zuhalu kuwa babu ƙabulin gida ko na sharafi, ko ta gefe ɗaya. Ka tuna Zuhalu shi ne mai dukiyar ɗan kasuwa. Hukunci: mutanen biyu za su shirya, a yi musafaha, amma kuɗin zai yi nauyin fitowa, a biya kaɗan-kaɗan ko a daɗe. Tun da Zuhalu yana ɗaki na goma, ɗakin masu mulki, ana iya cewa sai wani babba ya sa baki.

Abin lura a zama na uku shi ne, ƙabuli tsakanin biyu ne, ba ya rufe na uku. Alkawarin da ke tsakanin mai gida da baƙonsa bai ɗaure wanda ya shigo daga waje ba.

Ga ƙari don kwatanci. Ranar 20 ga Fabrairu na 2025 taurarin nan biyu sun sake haɗuwa cikin ƙabulin juna, wannan karo ta tarbi'i: Uɗaridu a Hutu, Mushtari a Jauza'u, kowanne a kusan daraja 12. Tarbi'i ya fi muƙabala sauƙi, Mushtari kuma ya miƙe tun 4 ga watan. Mai gaggawa zai ce wannan ya fi na baya kyau ta kowace fuska. Amma Hutu wabalin Uɗaridu ne kuma hubuɗinsa, ga shi tazararsa da Rana ba ta kai daraja 10 ba, bai gama fita daga haskenta ba. Gefen ɗan kasuwa ya gyaru, gefen mai bashi ya raunana. Sulhu zai fi sauƙi, amma a bisa sharaɗin ɗan kasuwa.

Tambihi ga mai duba tsofaffin takardu

Abu uku suna jefa mai karatu cikin kuskure a wannan babi, kuma kowanne yana iya ƙirƙiro ƙabulin da babu shi, ko ya shafe wanda yake akwai.

Na farko, burji na lissafi ba shi ne surar taurari da ido ke gani ba. Wanda ya duba Mushtari a waɗancan darare ya gan shi kusa da Dabaranu, bayan Kaza da 'Ya'yanta, wato a cikin surar Sauru, alhali lissafi ya ce yana Jauza'u. Dalili shi ne, burujan lissafi ana fara ƙirga su daga wurin da Rana take idan dare da yini suka daidaita a watan Maris, wannan wuri kuwa yana ja da baya a tsakanin taurari kamar daraja ɗaya a kowace shekara 72. A yau bambancin ya kai kusan daraja 24. Masu bin lissafin Indiya, waɗanda suke ɗaure burujai ga taurari, a wurinsu Mushtari yana Sauru a lokacin, ƙabulin da muka bayyana kuma babu shi. Saboda haka kafin ka yi magana a kan takarda, ka san wane lissafi mai ita ya bi.

Na biyu, a jadawalan falaki na Larabci ana rubuta burji da lambar abajada, amma lambar tana ƙirga burujan da aka riga aka wuce ne. Hamalu sifiri ne, Sauru alif, Jauza'u ba, har zuwa Ƙausu wanda yake ha ƙarami, wato takwas. Wanda ya ga ba ya ce burji na biyu ke nan, ya sa Mushtari a Sauru, ya rushe mas'alar gaba ɗaya. Ka kuma kula da jim da ha ƙarami, domin in ɗigo ya ɓace, uku da takwas sai su zama abu ɗaya.

Na uku, ana taƙaita sunan tauraro da harafinsa na ƙarshe: lam ga Zuhalu, ya ga Mushtari, ha mai ruwa ga Mirriku, sin ga Rana, ha kuri ga Zuhura, dal ga Uɗaridu, ra ga Wata, bisa sunayensu na Larabci. Dal da ra suna kama a hannun magatakarda mai sauri. Hanyar gane gaskiya ita ce a auna da Rana: Uɗaridu ba ya nisantar ta fiye da daraja 28, don haka in ka ga abin da ka zaci dal ne a burji na huɗu daga Rana, to ra ne, Wata ake nufi.

Ƙarshe, ka sani malamai sun raba ilmin taurari gida biyu. Akwai na tasyiri, wato sanin tafiyarsu don gane lokaci da alƙibla da yanayin shekara, wannan mafi yawan malamai sun halatta shi. Akwai na ta'asiri, wato jingina aukuwar al'amura gare su, wannan malaman shari'a sun hana shi, masu binciken sama na wannan zamani ma ba su sami hujjar da ta tabbatar da shi ba. Ranaku da darajojin da muka kawo a sama na kashi na farko ne, kowa yana iya auna su. Hukunce-hukuncen kuwa na kashi na biyu ne, mun kawo su ne don a fahimci abin da masu fannin suke nufi idan suka rubuta kalmar ƙabuli a gefen takarda. Gaibu kuwa babu mai saninsa sai Allah. Wallahu a'alamu.